Tayar da Ke Ƙirga Kanta: Yadda Enkoda Ke Auna Tafiya da Inda Lissafin Ke Zubewa

A ce ɗalibi ya haɗa ɗan mutum-mutumi mai taya biyu, ya umarce shi da ya yi tafiyar mita 2 ya tsaya. Abin ya tashi, ya wuce layin allin da aka ja a ƙasa, bai tsaya ba sai da ya ƙara wajen santimita 11. A allon kwamfuta kuwa rahotonsa cewa yake mita 2 cif ya yi. Ba ƙarya ya shirga ba. Iyakar abin da ya ƙirga ke nan, sauran ya wuce ne a lokacin da hankalinsa ke wani wuri.

Na'urar da ke wannan ƙirga ita ce enkoda. Mafi sauƙinta faifai ne mai tsagu da ake maƙalawa a sandar taya, ga ɗan haske a gefe ɗaya, ga sensa a ɗaya gefen. Idan faifan ya juya, hasken ya ratsa tsaga, sai ya toshe, sai ya sake ratsawa, ita kuwa sensar ta riƙa aika wuta tana ɗaukewa. Akwai kuma mai maganaɗisu, wadda ƙura ba ta dame ta ba. Birkin ABS na motoci ma da irin wannan dabara yake gane tayar da ta ƙage, ta hanyar zobe da ke juyawa tare da tayar a gaban sensa.

Sensa ɗaya tana iya faɗin cewa taya ta motsa, amma ba ta san gaba ta yi ko baya ba. Shi ya sa ake sa biyu, A da B, a ɗan goce ɗaya daga ɗaya yadda ba za su taɓa sauyawa tare ba. In taya na gaba, karatunsu yana bin 00, 01, 11, 10, ya koma 00. In ta juya baya, jerin ya bi ta ɗaya hannun. Kowane taki lamba ɗaya ce kawai ke canjawa, kuma wannan ƙa'ida ce za ta tona asirin ƙirgan da ya ɓace.

Mutum-mutumin nan yana da ƙaramin injin lantarki mai enkoda a bayansa, irin wanda ke ba da ƙirga 64 a kowane zagayen injin idan aka lissafa duk sauyin A da B. Tsakanin injin da taya akwai giya mai rage gudu sau 30, don haka zagayen taya ɗaya ƙirga 1,920 ne. Faɗin tayar milimita 90 ne, kewayenta kusan milimita 283. In aka raba 283 gida 1,920, kowane ƙirga ya zama kusan milimita 0.147. Mita ɗaya ƙirga 6,790 ke nan, mita 2 kuma 13,580. Wannan adadin shirin yake jira kafin ya yanke wa injin wuta.

Gudu ma daga nan yake fitowa. Shirin yana leƙa ƙirgan kowane kashi ɗaya cikin 20 na sakan, ya debe na baya daga na yanzu. In ya tarar an ƙaru da 170, tafiyar milimita 25 aka yi a ɗan lokacin, wato rabin mita a sakan.

Amma wannan hanya ba ta yi wa kowace enkoda aiki. Faifan roba mai tsagu 20 da ake sayarwa tare da 'yan injinan nan masu ruwan ɗorawa da taya mai milimita 65 yana ba da ƙirga ɗaya ne a kowane santimita guda. A tafiyar hankali, shirin zai leƙa ya ga ƙirga ɗaya, ya sake leƙawa ya ga babu, ya sake ya ga biyu, sai gudun da yake nunawa ya riƙa tsalle alhali tayar na tafiya sumul. Maganinsa a daina ƙirga tsagu cikin lokaci, a koma auna lokacin da ke tsakanin tsaga da tsaga da `micros()`, sannan a raba nisan da shi. Sai dai a sa iyaka: in an jima ba a ga tsaga ba, a ɗauka tayar ta tsaya, in ba haka ba shirin zai ci gaba da nuna gudun ƙarshe da ya gani.

To ina santimita 11 ɗin nan suka shiga?

A gudun rabin mita a sakan, enkodar tana sauyawa kusan sau 3,400 a sakan. Tsakanin sauyi da sauyi bai kai kashi ɗaya cikin uku na milisakan ba, shi kuwa milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Kuskuren masu fara koyo shi ne su sa shirin ya riƙa duba wayar enkoda a cikin `loop()`, tare da sauran ayyuka. `delay(10)` guda ɗaya a wurin ya isa ya haɗiye sauyi 34. Rubuta rahoto zuwa kwamfuta a saurin 9600 yana cin kusan milisakan ɗaya ga kowane harafi, kuma da zarar ma'ajiyar saƙon ta cika sai shirin ya tsaya jira. Kamar malamin da ke ƙirga buhuna ne a bakin sito: in ya juya amsa waya, 'yan dako ba sa tsayawa jiransa.

Gyaran farko shi ne katsewa. Ana haɗa wayar enkoda da ƙafar da ke iya katse ƙwaƙwalwar allon daga duk abin da take yi, ta ƙara ƙirga, ta koma aikinta. A allon Arduino Uno ƙafa ta 2 da ta 3 ne ke amsa `attachInterrupt()`, sauran kuma sai an bi ta wata hanyar katsewa da ke sa ido a kan ƙafafu rukuni-rukuni. Aikin da ke cikin katsewar dole ya zama gajere ƙwarai: a karanta A da B, a ƙara ko a rage, a fita. Ba a rubuta rahoto a ciki, ba a dogon lissafi.

Ɗalibin nan ya yi duk wannan, amma ya ƙawata mutum-mutumin da igiyar fitilu 60 na WS2812 masu canja launi. Waɗannan fitilu suna son saƙo mai daidaitaccen lokaci, saboda haka shirin da ke tura musu launi yakan rufe duk wata katsewa har ya gama. Kowace fitila tana cin mikirosakan 30, sittin ɗin sun ci milisakan 1.8. A cikin wannan rufewa sauyi kusan 6 ne ke wucewa. Ƙwaƙwalwar tana da 'yar tuta da ke tashi idan katsewa ta zo a rufe, amma tutar ba ta ƙirga: sauyi ɗaya da sauyi uku duk ɗaya ne a wurinta. Ana sabunta fitilun sau 30 a sakan, wato milisakan 54 a kowane sakan allon makaho ne. Sama da kashi 5 cikin ɗari na tafiyar ke nan, kuma a mita 2 ya ba da santimita 11 ɗin da aka gani.

Ana gano irin wannan ne da gwaji mai araha. A ɗage tayar sama, a yi mata alama da alli, a juya ta da hannu sannu a hankali sau 10. Ya kamata allo ya nuna 19,200, in aka mayar da ita baya sau 10 kuma ya dawo sifili. In adadin bai yi daidai ba tun a nan, matsalar ta waya ce, ko sensa, ko lissafin giya. In ya yi daidai da hannu amma ya ragu idan injin ke juya ta, lokaci ne bai isa ba. Sai a riƙa kashe sauran ayyukan shirin ɗaya bayan ɗaya har ƙirgan ya cika.

Ƙa'idar A da B ma tana ba da shaida. Tunda ba sa sauyawa tare, duk sanda karatu ya yi tsalle daga 00 zuwa 11 ko daga 01 zuwa 10, an tsallake taki. Masu aikin sukan ajiye ƙirga na biyu don irin wannan tsalle. Ba ya kama kowace ɓata, domin in taki huɗu suka wuce karatun yana komawa inda yake, amma in yana hawa an tabbata akwai zuba.

Akwai wasu tarkuna biyu a cikin shirin kansa. A Uno, lamba irin `int` ba ta wuce 32,767, kuma wannan mutum-mutumi yana cika ta tun bai kai mita 5 ba, daga nan ta faɗa ƙasa da sifili. Sai a yi amfani da `long`. Ita kuwa `long` gida huɗu ce, ƙwaƙwalwar Uno tana ɗaukar gida ɗaya-ɗaya, don haka katsewa na iya faɗowa a tsakiyar karatu a samu rabi tsoho rabi sabo. Ga yadda ake toshe wannan:

```
volatile long kirga = 0;

long karanta() {
  noInterrupts();
  long k = kirga;
  interrupts();
  return k;
}
```

Wannan rufewar ta 'yan mikirosakan ce, tutar na iya riƙe abin da ya zo a cikinta.

Wani lokaci kuma ƙirgan yawa yake yi maimakon raguwa, sai mutum-mutumin ya tsaya bai kai layi ba. Tartsatsin cikin injin ne ke shiga wayar sensa, ko kuma faifan ya tsaya a bakin tsaga yana rawa. An fi ganin haka a enkoda mai sensa ɗaya, domin mai biyu tana ƙarawa ta rage, su kashe juna. Akan sa kafasita mai 0.1 µF a bakin injin, a raba wayar sensa da wayar wutar injin, a kuma bi da saƙon ta 74HC14 don ya fito tas.

Su fitilun, ana iya rage yawan sabunta su ko a bar su sai an tsaya. Gyaran da ke ɗorewa shi ne a ɗauke wa ƙwaƙwalwa aikin ƙirga gaba ɗaya. ESP32 yana da sashen PCNT, agogunan cikin STM32 suna da tsarin karanta enkoda, ga kuma LS7366R da ake iya ƙara wa Uno. Dukkansu suna ƙirgawa da kansu ko katsewa na rufe, shirin ya zo ya ɗauki adadin idan ya samu sarari.

Bayan duk wannan akwai abin da enkoda ba ta gani. Juyawar taya take ƙirgawa, ba ƙasar da aka taka ba. Tayar da ta cinye ko ta lotse da nauyi kewayenta ya ragu, shi ya sa ake tura mutum-mutumin a kan mita 5 da aka auna da tef, a raba da ƙirgan da ya fito, a yi aiki da wannan adadi maimakon na takarda. Santsi kuwa ba ya gyaruwa da lissafi. A watan Afrilun 2005 motar binciken NASA mai suna Opportunity ta kafe a tudun yashi a duniyar Mars, tayoyinta na juyawa tana nutsewa. Sai a farkon Yuni ta kuɓuta, bayan tayoyin sun yi juyin da ya kai na tafiyar mita 192 don ta matsa kusan mita ɗaya. Tun daga lokacin injiniyoyinta suka ƙara dogaro da hotunan kyamarorinta, suna sa ta duba ko duwatsu da ƙasar da ke gabanta sun matsa daidai da abin da tayoyin suka faɗa kafin ta ci gaba da tafiya a cikin yashi.