Bango Ɗaya, Mako Bayan Mako

Mai sayar da turaren wuta da ke saka jerin hotuna a Instagram duk Juma'a, irin waɗanda ake ja da yatsa daga shafi zuwa shafi, tana son a shaida nata tun kafin a karanta sunanta. Abin da ke kawo hakan shi ne samfuri: a zana bango da shafukan ciki sau ɗaya, sannan kowane mako a sauya rubutu da hoto kawai.

Aikin yana farawa daga bango, domin shi ke fitowa a jerin hotunan shafinta. Girman da aka fi amfani da shi shi ne fiksel 1080 a faɗi, 1350 a tsayi. Sai dai tun farkon 2025 Instagram ya mayar da akwatunan jerin dogaye, har yana yanke kusan fiksel 34 daga kowane gefen irin wannan hoto. Kanun da ya manne da baki zai rasa harafin farko. Don haka a ja layin iyaka, a bar kamar fiksel 100 ta kowane ɓangare, kada rubutu ko tambari ya ƙetare shi.

Daga nan sai a tsayar da abubuwan da ba za su motsa ba: wurin tambari, wurin kanu, salon haruffa biyu, da launuka uku. A rubuta lambar kowane launi, misali #7A1F2B, domin idan aka zaɓa da ido, jan wannan mako ba zai yi daidai da na makon jiya ba. Idan jadawalinta na wata ya ƙunshi mako na koyar da turara ɗaki da mako na sabon kaya, launin bango kaɗai ya isa ya bambanta su. Shafukan ciki kuwa iri uku sun wadatar: na bayani, na hoto, da na rufewa mai faɗin yadda za a yi oda.

Inda na fi ganin ana tuntuɓe shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Salon rubutu da yawa ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai manhaja ta aro su daga wani salon, harafin ya fito siriri ko karkatacce a tsakiyar kalma. Kafin a amince da salo, a buga «ƙamshi», «ɗaki» da «ɓawo» da manya da ƙananan baƙaƙe, a duba da kyau. Noto Sans da Andika suna ɗauke da su.

A kuma gwada samfurin da kanu mafi tsawo a jadawalin, a kalle shi a fuskar waya. Idan sai an ƙanƙanta haruffa kafin ya shiga, kanun za a rage, girman haruffa ya zauna yadda yake. Kowane mako a kwafi samfurin a yi aiki a kan kwafin, a bar na asali ba a taɓa ba.