Yadda ake kwashe wasannin kwamfuta zuwa sabon faifai ba tare da an sake ƙona data ba

A Getso da sauran garuruwan Gwarzo da Kabo, ba a cika samun intanet na waya da aka ja har cikin gida ba. Mai buga gem a kwamfuta da datar wayarsa yake saukewa, kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, kowane gigabait ya ƙara daraja.

Wasa irin Grand Theft Auto V yana cin sama da gigabait 100. Idan layin mutum yana jan megabit 5 a daƙiƙa, sauke gigabait 100 zai ɗauki kusan awa 44, in har sabis bai yanke ba. Shi ya sa idan faifan ajiyar kwamfuta ya cika, abin da ke gaban mai ita shi ne yadda zai kwashe wasanninsa zuwa wani faifan ba tare da manhajar Steam ta ɗauka sun ɓata ba.

Inda ake yin kuskure

Steam tana ajiye komai a foldar `steamapps`. Fayilolin wasa suna cikin `common`, amma shaidar cewa an girka wasan tana cikin wani ɗan ƙaramin fayil a wajenta. Na Grand Theft Auto V sunansa `appmanifest_271590.acf`, kuma a ciki aka rubuta sigar da ke kan kwamfutar. Wanda ya yanke foldar wasan kawai ya kai wani faifai ya raba kaya da rasidinsu: Steam za ta duba inda ta sani, ta tarar babu komai.

Idan wasa ɗaya ne ko biyu, Steam tana da hanyarta. A shiga Settings, sannan Storage, a ƙara sabon faifan, a zaɓi wasan, a danna Move. Ita da kanta za ta kai fayiloli da rasidinsu. Mahaɗi yana da amfani ne idan ana son kwashe rumbun gaba ɗaya, ko kuma akwai wasu manhajoji da suka riga suka haddace tsohon adireshin.

Mene ne mahaɗi?

Kamar ɗan kasuwa ne da ya tashi daga rumfarsa, ya bar yaro a ƙofa yana kai duk wanda ya zo sabon wurin. Manhaja tana buɗe tsohon adireshi a C:, Windows kuma tana miƙa ta D: ba tare da ta sani ba. Umarnin `mklink /D` yana yin mahaɗin folda na gama-gari. `mklink /J` kuma yana yin wanda ake gani a allo da sunan JUNCTION, wanda ke aiki tsakanin faifan da ke jikin kwamfuta ɗaya, kuma shi ya wadatar a wannan aikin.

Aikin daki-daki

A ɗauki misalin mai laftof a Getso: faifansa na C: gigabait 256 ne, saura 9 ya cika, ya sayo faifai mai terabait 1 a Kano, ya fito a matsayin D:. Abu na farko, ya tabbatar sabon faifan yana kan tsarin NTFS, domin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4. Na biyu, ya cika batiri ko ya tayar da janareta. Faifan da ke rubuta megabait 100 a daƙiƙa zai kwafe gigabait 100 cikin kusan minti 17, amma tarin ƙananan fayiloli kan ja lokacin ya fi haka.

Sai ya rufe Steam ta hanyar Exit, domin danna alamar rufe taga kawai yana barin ta tana aiki a ɓoye. Ya buɗe Command Prompt da Run as administrator, ya kwafe:

```
cd /d "C:\Program Files (x86)\Steam"
robocopy steamapps D:\steamapps /E /R:2 /W:5
```

Kwafa ake yi, ba a yankewa, saboda ko wuta ta ɗauke a tsakiya asalin yana nan. Idan an gama, a duba jadawalin ƙarshe: layin FAILED dole ya nuna 0. Daga nan sai a sauya wa tsohuwar foldar suna, a kafa mahaɗin a gurbinta:

```
ren steamapps steamapps_old
mklink /J steamapps D:\steamapps
dir /AL
```

Sunan mahaɗi ne ke zuwa farko, inda kayan suke ya biyo baya. Idan allo ya nuna "Cannot create a file when that file already exists", tsohuwar foldar ba ta bar gurbin ba ke nan. Idan komai ya yi daidai, umarni na uku zai nuna `<JUNCTION>` da `D:\steamapps` a gabansa.

Yanzu a buɗe Steam, a shiga Properties na wasan, sannan Installed Files, a danna Verify integrity of game files. Idan binciken ya ƙare ba tare da neman sauke wani abu mai yawa ba, kuma wasan ya tashi, sai a goge `steamapps_old`.

Me ya sa ake haɗa rumbun duka?

A nan ne sabuntawa ke karyewa. Wasu kan yi mahaɗi a kan foldar wasa ɗaya da ke cikin `common`. Wasan zai tashi lafiya, har ranar da sabuwar siga ta fito. Steam tana fara tara sabuntawa ne a `steamapps\downloading`, tana haɗa sabbin fayiloli a can kafin ta kai su mazauninsu. Idan wannan foldar ta rage a C: kuma wurin da ya saura a can ya yi kaɗan, ba zai ishi babbar sabuntawa ba, sai aikin ya tsaya da ƙorafin rashin wuri alhali D: na nan fayau. Amma idan `steamapps` ce aka haɗa dukanta, wasa da rasidinsa da wurin tara sabuntawa duk suna faifai ɗaya.

Haɗari na biyu yana ga masu faifan waje na USB. Mahaɗi harafi ya sani. Idan wata rana aka riga aka soka filashi ya karɓi D:, faifan wasanni ya koma E:, mahaɗin zai nuna wurin da babu kayan, wasanni su koma nuna Install. Kada a danna shi, domin nan ne data ke tafiya. A rufe Steam, a maido da harafin, a sake buɗewa. Rigakafin shi ne tun kafin a fara aikin a shiga Disk Management, a ba faifan harafi na can nesa kamar X:, a yi amfani da shi a umarnin. Kuma a riƙa soka faifan kafin a buɗe Steam.

Iyakar dabarar

Wasannin Microsoft Store da manhajar Xbox suna da tsarin kariya na daban, don haka ta maɓallin Move na Windows ko na manhajar ake kwashe su. Haka kuma mahaɗi ba ajiyar ko-ta-kwana ba ne. Kwafi ɗaya ne tak, duk fayil da aka goge ta cikin mahaɗin ya tafi daga D: ma. Mai son cire mahaɗin kaɗai sai ya rubuta `rmdir steamapps` daga cikin foldar Steam, kayan da ke D: ba za su taɓu ba.

Ci gaban da ɗan wasa ya samu sau da yawa ba ya cikin `steamapps`. Na Grand Theft Auto V yana cikin `Documents\Rockstar Games`, wato yana nan a C:. Duk wanda zai sake girka Windows bayan ƙaura, ya fara kwafe wannan foldar zuwa sabon faifan.