Goro, Shayi da Gahawa: Abin da Kafeyin Ke Yi a Jiki

Direban da ke ɓantarar goro a hanyar Kano zuwa Legas, da ɗalibin da ke cewa mai shayi ya ƙara masa cokalin neskafe, da mutanen da suka kewaye ’yar buta a Agadas, duk abu guda suke nema, wato kafeyin. Wani masanin sinadarai Bajamushe, Friedlieb Ferdinand Runge, shi ya fara tace shi daga ’ya’yan gahawa a 1819. A 1827 aka ciro wani sinadari daga ganyen shayi, aka raɗa masa nasa suna, sai daga baya aka gane cewa shi ne dai wancan. Na cikin goro ma haka. Bambancin abubuwan uku yana ga yawan da kowanne ke ɗauke da shi, da yadda ake shigar da shi ciki.

Mutane kan ce goro yana ba da ƙarfi. A gaskiya kafeyin ba abinci ba ne, ba ya ƙara wa jiki komai. Tun da mutum ya farka, ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa ke ƙona makamashi, kuma a cikin wannan aiki wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa sannu a hankali. Adinosin yana da wuraren da yake maƙalewa a jikin ƙwayoyin jijiya. In ya maƙale sai aikinsu ya lafa, ido ya yi nauyi, hamma ta fara. Barci ne ke kwashe shi. To, ƙirar kafeyin ta yi kama da ta adinosin ƙwarai, har yana shiga waɗannan wurare. Kamar mabuɗin da ya shiga kwaɗon da ba nasa ba ne: bai buɗe ba, kuma ya hana na ainihin shiga. Saƙon gajiya ba ya isa, sai mutum ya ji ya wartsake. Amma adinosin bai fasa taruwa ba. Da zarar kafeyin ya janye, duk wanda ya taru sai ya auka wa wuraren lokaci guda. Nan ne direban da ya yi ta ja da goro tun dare yake jin gyangyaɗi ya rufto masa da asuba, ba sallama.

Ba a ƙwaƙwalwa kaɗai adinosin ke aiki ba, shi ya sa tasirin kafeyin ke bazuwa. Hawan jini yakan ɗan tashi na wasu sa’o’i, musamman ga wanda bai saba ba. Ciki yana ƙara fitar da ruwan tsami, abin da ke tayar wa mai ƙwannafi da mai gyambon ciki hankali in ya sha da sanyin safiya bai karya ba. Ƙoda tana ɗan ƙara fitsari. Jijiyoyin jinin cikin kai kuwa tsukewa suke yi, kuma za mu dawo kan wannan. In abin ya yi yawa, alamunsa ba sa ɓuya: rawar hannu, faɗuwar gaba, zuciya tana dakan uku-uku, saurin fushi, da kwanciya a kasa barci.

Sai batun yawa. Da miligiram ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na giram. Kofin shayi na jaka ɗaya da aka bari ya jiƙa minti uku zuwa biyar yana da miligiram 40 zuwa 50. Cokalin shayi cike da garin gahawa mai narkewa, irin wanda masu shayi ke barbaɗawa, yana ba da wajen 60. Gahawar da aka niƙa aka dafa, babban kofi kan kai 95 ko fiye. Abin da zai ba wasu mamaki shi ne, in aka auna a bushe, ganyen shayi ya fi ’ya’yan gahawa kafeyin: ganyen na da kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, gahawar Arabika kuwa kashi 1 da ’yan kai, ta Robusta sama da kashi 2 kaɗan. Sai dai jakar shayi giram 2 ce kawai, alhali kofin gahawa yana cin giram 10 ko kusa da haka. Madara da sukari ba sa rage ko miligiram ɗaya; ɗacin kawai suke rufewa.

Shayin ’yar buta, wanda wasu ke kira ataya, ya sha bamban da na jaka. Koren ganye ne daga Sin, kuma koren shayi da aka jiƙa kawai ya fi baƙi sauƙi. Amma a nan ba jiƙawa ake yi ba. Ana cika hannu da ganye a zuba a ruwa kaɗan, a ɗora a garwashi ya yi ta tafasa. Kafeyin na saurin narkewa a tafasasshen ruwa, saboda haka mafi yawansa a zagayen farko yake fita, wannan mai ɗacin da ke sa a yamutsa fuska. Ƙanƙantar finjalin ba ta nuna sauƙinsa. Na uku, mai zaƙi da na’ana’a, shi ne wanda ya fi dacewa da mai son ya kwanta da wuri.

Goro ne ya fi wuyar lissafi, kuma shi ne aka fi mantawa da shi in ana ƙirga abin da aka sha. Babu takarda a jikinsa, girmansa kuma bai zama ɗaya ba, daga ’yan ƙanana har goriya. Irin da aka fi ci a ƙasar Hausa shi ne wanda masana ke kira Cola nitida, mai ɓari biyu, wanda fatake suka riƙa ɗaukowa daga Gwanja, yau kuma ake sauke huhunansa a kasuwar Mariri ta Kano. A busasshensa akwai kafeyin wajen kashi 2 cikin ɗari, wani ya ɗara, wani ya gaza. Ɗanyen goro kusan rabinsa ruwa ne. Mu ɗauki matsakaici mai giram 14. In aka cire ruwa saura giram 7, kashi 2 cikin ɗari na wannan kuwa miligiram 140 ne. Ke nan goro guda ya kai kofi uku na shayi, ɓari ɗaya kuma ya ɗara cokalin neskafe. Wannan kintace ne, domin ƙasa da iri da daɗewar ajiya suna sauya shi, kuma daushen da ya sha iska ya fi ɗanye ƙarfi in nauyinsu ɗaya. Abin da ke yaudarar mai ci shi ne ba ya haɗiye shi gaba ɗaya. Gutsura yake yi yana taunawa tsawon sa’o’i, kafeyin yana shiga kaɗan-kaɗan, ba ya jin wannan bugun da mai gahawa ke ji. Namijin goro kuwa, duk da sunansa, wata bishiya ce dabam, kuma ɗacinsa daga wasu sinadarai yake.

Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2015 cewa miligiram 400 a yini ba ya cutar da baligi mai lafiya, kada kuma ya wuce 200 a zama ɗaya. A ganina wannan adadi ya rufe wa mutane ido daga abin da ya fi damun mafi yawansu, wato lokaci. Kafeyin na shiga jini da sauri, cikin minti 30 zuwa 60 ya kai ƙololuwa. Fitarsa ce ke da nawa. Hanta ce ke farfasa shi da wani sinadarinta da ake kira CYP1A2, kuma a jikin matsakaicin mutum sai an yi kamar awa biyar rabinsa ke tafiya, bayan wata biyar rabin ragowar ya bi.

Mu gwada da wani tela a makon sallah. Ƙarfe takwas na safe ya sha shayi da cokalin neskafe, miligiram 105. Ƙarfe ɗaya ya ci ɓarin goro, 70. Ƙarfe shida ya ƙarasa ɗaya ɓarin, 70. Ƙarfe tara ya tsaya teburin mai shayi, 50. Jimla 295, bai ma kusa da 400 ba. To, me ya rage a jininsa ƙarfe sha ɗaya da zai kwanta? Na safe ya rabu biyu har sau uku, saura wajen 13. Goron azahar ya rabu sau biyu, saura 18. Na magariba sau ɗaya, saura 35. Shayin dare bai je ko’ina ba, kusan 38 na nan. An haɗa sama da 100, daidai da kofi biyu na shayi, a jikin mutumin da ke neman barci. Mai yiwuwa gajiya ta kayar da shi ya yi barcin, har ya rantse shayi ba ya hana shi. Sai dai barcin ba zai yi zurfi yadda ya kamata ba, zai tashi jiki a mace, ya ce a sa masa cokali biyu. Wani bincike da Christopher Drake da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2013 ya nuna miligiram 400 da aka sha awa shida kafin kwanciya ya rage barci da fiye da awa ɗaya. Da telan nan zai bar goron magariba da shayin dare kawai, abin da zai kwanta da shi wajen 31 ne.

Awa biyar ɗin nan ba ta kowa ba ce. Mai shan taba hantarsa na gamawa da kafeyin kusan ninki biyu na saurin wanda ba ya sha, don haka ranar da ya bar taba, shayin da ya saba zai fara sa shi makyarkyata. Ƙwayoyin tazarar haihuwa suna ninka lokacin. Maganin sifurofuloksasin, wanda ake yawan bayarwa don taifod, shi ma yana daƙile aikin hantar a kansa. Mai ciki a watannin ƙarshe kan ɗauki har awa 15 kafin rabi ya fita, kuma kafeyin yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayin da hantarsa ba ta iya sarrafa shi ba tukuna. Shi ya sa aka tsayar mata da 200 a yini. Goro guda da rabi ya cinye wannan kaso, kuma mata da yawa da goro suke kwantar da tashin zuciya da yawan tofar da yawu.

Wanda ya saba kullum, jikinsa yana daidaita kansa da kafeyin, har ya zama kofin safe ba ya ɗaga shi sama, mayar da shi daidai kawai yake yi. In ya daina kwatsam, jijiyoyin kan da suka saba zama a tsuke sai su buɗe, jini ya ƙaru a cikinsu, kai ya ɗauki sara. Ciwon kan fara ne awa 12 zuwa 24 bayan na ƙarshe, ya tsananta a rana ta ɗaya ko ta biyu, ya wuce cikin kwana biyu zuwa tara. Yawancin masu cin goro sun san shi a farkon azumi, wajen la’asar, ko da yake yunwa da ƙishirwa ake ɗora wa laifin duka. Mai son kauce masa sai ya fara ragewa tun tsakiyar Sha’aban, yana cire kamar kwata na abin da ya saba duk bayan kwana uku ko huɗu, ya fara da na yamma. In kuwa ciwon ya riga ya kama har aka nemi magani bayan buɗa-baki, a duba kwalin: wasu ƙwayoyin farasitamol ana haɗa su da kafeyin miligiram 65 kowace ɗaya, biyu sun zama 130, kusan goro guda ke nan ana dab da kwanciya.