Shan inna ko ɓarnar allura: abin da takun yaro ke bayyanawa

A Babban Mutum, garin da ke kan iyakar Najeriya da Nijar a ƙaramar hukumar Ɓaure ta masarautar Daura, idan ƙafar yaro ta shanye akan ce shan inna ne, kamar yadda ake faɗa a ko'ina cikin ƙasar Hausa. Sunan ɗaya ne, amma cututtukan da ke ƙarƙashinsa sun bambanta, haka ma abin da ya kamata a yi wa kowacce. Kafin a kai ga ɗakin gwaji, salon tafiyar yaron kan nuna tsokar da ta gaza, daga nan kuma a gano inda lahanin ya faro.

Masana motsin jiki suna ƙirga zagayen taku ɗaya daga lokacin da diddigen ƙafa ya taɓa ƙasa har zuwa lokacin da wannan diddigen ya sake taɓawa. A tafiyar mai lafiya, ƙafar tana ƙasa ɗauke da nauyin jiki cikin kusan kashi 60 bisa 100 na zagayen, sauran kashi 40 kuma tana sama tana lilo zuwa gaba. Ke nan aiki biyu ke kan kowace ƙafa: ta ɗauki nauyi gwiwa ba ta lanƙwashe ba, sannan ta wuce gaba yatsu ba su ja ƙasa ba.

Aikin farko na tsokar gaban cinya ne. Da zarar diddige ya sauka, gwiwa kan ɗan lanƙwashe da kimanin digiri 15 domin rage ƙarfin saukar, wannan tsoka kuma ita ke riƙe ta kamar birki. Aiki na biyu na tsokar gaban ƙwauri ne, wadda ke ɗaga kan ƙafa yayin lilo. Tazarar yatsu da ƙasa a wannan lokaci ba ta wuce santimita 1 zuwa 2 ba, shi ya sa rauni kaɗan ya isa ya jawo tuntuɓe.

Ƙwayar cutar foliyo tana lalata ƙwayoyin jijiya na cikin laka waɗanda ke aika wa tsoka umarnin motsi, kuma kusan mutum 1 cikin 200 da suka kamu ne ke samun shanyewa ta dindindin. Idan tsokar gaban cinya ce ta mutu, birkin gwiwa ya tafi. Mai lalurar sai ya sunkuyo gaba ya dafa cinyarsa da hannu a kowane taku. Sunkuyon yana mai da nauyin jiki gaban gwiwa, hannun kuma yana tura ta baya, ta haka take kullewa ba tare da taimakon tsoka ba. Dabarar tana aiki, sai dai tana da tsada, domin shekara da shekaru na wannan turi suna saki jijiyoyin bayan gwiwa har ta riƙa lanƙwashewa ta baya.

Akwai wata shanyewar da babu ruwanta da foliyo. Babbar jijiyar ƙafa tana ratsa ɗuwawu ta gangara ta bayan cinya, kuma allurar da aka soka a tsakiya ko ƙasan ɗuwawu tana iya samun ta. Reshen da ya fi saurin lalacewa shi ne mai kula da tsokar gaban ƙwauri. Kan ƙafa sai ya riƙa reto, yaron ya koma ɗaga gwiwa sama kamar mai hawa matakala don kada yatsu su ja ƙasa, ƙafar kuma ta sauka da ƙara. A rairayi, sawunsa kan bar layin jan yatsu, silifas kuma ba ya zama a ƙafar.

A ɗauki misalin yaro ɗan shekara biyar da ya yi zazzaɓi, aka yi masa allura a kemis, sannan ƙafarsa ta dama ta saki. Mai dubawa zai fara da tambayar lokaci, domin ɓarnar allura kan zo nan take ko cikin sa'o'i, galibi da zafi mai tsanani da ya harba zuwa ƙafa, shanyewar foliyo kuwa kan ci gaba cikin kwanaki kaɗan. Sai ya zaunar da yaron ya ce ya miƙe gwiwa. Idan ya iya, tsokar gaban cinya lafiya take, wanda ya dace da ɓarnar allura, tunda wata jijiyar dabam ce ke kula da wannan tsoka. Daga nan ya ce masa ya taka da diddige, a ga ko kan ƙafar zai ɗagu. A ƙarshe ya shafa bayan ƙafar da auduga. Foliyo ba ta taɓa jin taɓi, amma jijiyar da allura ta raunata kan bar wurin a mace.

Wannan bincike yana da iyaka. An tabbatar cewa allurar tsoka da aka yi wa yaron da ƙwayar foliyo ke jikinsa tana ƙara haɗarin shanyewar gaɓar da aka soka, don haka labarin allura kaɗai bai kore foliyo ba. Shi ya sa ƙa'idar sa ido ta tanadi cewa duk yaron da bai kai shekara 15 ba, wanda wata gaɓarsa ta saki ba zato, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Za a ɗauki bahayarsa sau biyu, da tazarar aƙalla sa'o'i 24, cikin kwana 14 da fara shanyewar, a aika ɗakin gwaji na Ibadan ko na Maiduguri. Bayan wannan wa'adi ƙwayar tana raguwa a bahaya, sakamakon gwajin ya rasa ƙarfi. Najeriya ta ga shanyewa ta ƙarshe daga asalin ƙwayar foliyo a Borno cikin 2016, an kuma ayyana Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agusta, 2020, amma nau'in da ya rikiɗe daga ƙwayar rigakafi ya ci gaba da ɓulla a arewa maso yamma inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba. A garin kan iyaka, yaron da ba a kai rahotonsa ba matsala ce ta ƙasashe biyu.

Ba kowace tafiya mai lahani ce ta ƙafa sakakkiya ba. Idan ɓarnar a ƙwaƙwalwa take, kamar a shanyewar ɓarin jiki, ƙafar kan sandare a miƙe, gwiwa ta kasa lanƙwashewar kusan digiri 60 da lilo ke buƙata, mutum ya riƙa kewayo da ita ta gefe. Idan kuma tsokar kanta ce ke lalacewa, kamar a cutar Duchenne ta gado mai kama yara maza, ɓangarori biyu ne ke raunana sannu a hankali. Yaron kan yi rangaji irin na agwagwa, in zai tashi daga ƙasa kuma sai ya dafa gwiwoyi da cinyoyinsa.

Sanin tsokar da ta gaza shi ke zaɓen kayan taimako. Ƙafa mai reto tana buƙatar ɗan matallafi na roba da ke riƙe idon sawu a digiri 90, tare da motsa gaɓar kullum don kada agarar diddige ta ɗaure kafin jijiyar ta farfaɗo, tunda tsiron jijiya bai wuce kimanin milimita 1 a rana ba. Gwiwar da ta rasa birki kuwa takalmin ƙarfe mai kaiwa cinya take buƙata, irin wanda ake haɗawa a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kuma a sake shi yayin da yaro ke girma. Amma ɓarnar allura, tun farko ake kauce mata: ga ƙaramin yaro gefen gaban cinya ne wurin sokawa, ga babba kuma sashen sama na wajen ɗuwawu, nesa da hanyar jijiyar.