Kanun talla: faɗi amfani ɗaya, mai saye zai tsaya

Duk wanda ya ratsa kasuwar Hawata ko ta Gadarif ya san irin rubutun da ake maƙalawa a ƙofar shagunan kayan noma. Layi ne dogo, cike da lambobi: wat kaza, inci kaza, faranti kaza, ƙirar ƙasa kaza. Mai shago ya faɗi gaskiya, bai ƙara gishiri ba, amma manomi ya ɗaga kai ya sauke ya wuce abinsa. Ba don ba ya buƙatar kayan ba, sai don kanun bai gaya masa abin da ya shafe shi ba.

Mu ɗauki misalin famfon ruwa mai aiki da hasken rana, tunda batun ban ruwa ba baƙo ba ne ga masu lambuna a bakin kogin Rahad. Kogin nan daga tsaunukan Habasha yake gangarowa, ya cika da damina, da rani kuma ya janye ya bar kududdufai. Mai lambu a nan injin ban ruwa ne jarinsa, wanda ake kira babur, kuma babur ba ya tashi sai da jaz, wato man dizal. A ce mai shago ya rubuta: "Famfon sola, wat 1,500, faranti shida, bututu inci biyu, garanti shekara ɗaya." Abubuwa huɗu ke nan ban da sunan kayan, kuma babu ko ɗaya da ya taɓa aljihun mai lambu.

Matsalar farko ita ce irin wannan kanu yana ɗora wa mai karatu aikin da ya kamata mai sayarwa ya yi. Wat 1,500 ruwa nawa ne? Zai ishi albasata ko ba zai isa ba? Mai wucewa, rana na dukansa, yana sauri ya samu mota, ba zai tsaya lissafi ba. Ta biyu, idan aka jera siffofi kai ɗaya, babu wadda ta fi wata nauyi, sai ido ya rasa inda zai sauka. Ta uku kuwa, maƙwabcinka ma wat da inci ya rubuta. Idan alluna biyu suka zama iri ɗaya, abin da ya rage a gwada shi ne farashi, daga nan kuma sai a shiga karya wa juna kasuwa.

Masana talla sun daɗe da gane haka. David Ogilvy, a littafinsa na 1963, ya ce masu karanta kanu sun ninka masu karanta cikin talla sau biyar. Ma'ana, mafi yawan mutane kanun kaɗai za su gani. A 2001 kuma da kamfanin Apple ya fito da iPod, girman ma'ajiyarsa gigabait 5 ne, amma abin da aka sa a gaba shi ne mutum zai zuba waƙoƙi dubu a aljihunsa. Lambar tana nan, an dai juya ta zuwa abin da mai saye yake iya hangowa.

To yaya ake gyaran? Matakin farko, ka ɗauki kowace siffa ka yi mata tambayar da manomi zai yi: to, sai me? Faranti shida, sai me? Rana ce ke tuƙa shi. Sai me? Ba a zuba masa jaz. Nan tambayar ta ƙare, domin an iso inda ke yi wa mutum ciwo. Garanti kuma yana kai ka ga kwanciyar hankali, bututu inci biyu ga yawan ruwa. Yanzu kana da amfani uku a hannu.

Mataki na biyu shi ne zaɓe, kuma nan ne masu shago ke jin zafi, don kowa na son ya faɗi duka. Ka zaɓi wanda masu saye suka fi kuka da shi da bakinsu. Idan kowa ya shigo maganarsa tsadar jaz ce da wahalar samunsa, to ka samu kanunka. Garanti da inci ba a zubar da su ba, an dai sauko da su layin ƙasa, inda wanda ya riga ya tsaya zai neme su.

Mataki na uku, a sa wa amfanin ma'auni, kuma da awon da mutanen wurin suke amfani da shi. A Sudan fili da fadan ake auna shi, fadan ɗaya kuwa murabba'in mita 4,200 ne. A ce famfon, a zurfin da ake jan ruwa a lambun, yana ba da lita 4,000 a awa, kuma yana samun awa shida na rana mai ƙarfi. Lita 24,000 ke nan a wuni, ganga 120 ta lita 200. Idan shuka na shan ruwan da ya kai kaurin milimita 5 a rana, kamar a lokacin sanyi, fadan ɗaya zai ci lita 21,000. A takarda ya isa.

Sai dai a yi hattara. Da zafin Afrilu da Mayu buƙata na iya haurawa milimita 8, wato lita 33,600 ga fadan, famfon kuwa bai wuce 24,000 ba. Ga kuma ruwan da ke nutsewa a cikin magudana kafin ya kai ga fangali, ga ranar hazo da ƙura ke rufe farantai. Wanda ya rubuta "fadan guda" zai sayar a watan sanyi, ya sha zagi a watan zafi. Rabin fadan kuwa, ko da zafi, lita 16,800 yake buƙata, an bar rarar 7,200 don asarar hanya. Saboda haka kanun da zai tsaya da ƙafarsa shi ne: "Shayar da rabin fadan kullum, ba ka sayi jaz ba." Ƙarƙashinsa sai a rubuta wat da inci da zurfin da aka yi lissafin a kai. A gari irin Hawata, inda kowa ya san kowa, alkawarin da ya tashi a banza ya fi allo saurin zagawa.

Akwai kuskure biyu da ke biyo bayan wannan gyara. Na farko, a gudu daga lambobi a faɗa cikin kirari: "inganci na gaske", "sauƙin rayuwa". Hanyar ganewa mai sauƙi ce: idan mai sayar da takalma zai iya ɗaukar kanunka ya manna a shagonsa ba tare da canza kalma ba, to ba ka ce komai ba. Na biyu, a manta da wanda ake yi wa magana. Makanikin da ke haɗa famfuna ko dillalin da ke saro kaya, wat da inci su ne yarensa, shi jerin siffofi ya fi masa. Manomi ne ke buƙatar a fassara masa.

A ƙarshe kada a dogara da zato. A buga takarda iri biyu, tsohon kanu da sabo, da Hausa ko da Larabci, a raba su daidai wa daida a ranar kasuwa, kowace da lambar waya dabam. Bayan kasuwa uku ko huɗu a ƙirga kira, a kuma saurari tambayar farko. Idan mai kira ya ce "mene ne wannan abin?", kanu bai yi aiki ba. Idan ya ce "ni fadan biyu gare ni, famfo nawa zai ishe ni?", to ciniki ya riga ya fara.