Sallamar Ɗalibin da Ya Gama Koyon Aiki

Ɗalibin da aka tura koyon aiki ƙarƙashin shirin SIWES, wanda hukumar ITF ta soma a 1973, yakan yi wata huɗu ne in daga kwalejin kimiyya da fasaha yake, na jami'a kuma wata shida. Ranar tafiya, kafin a kai ga godiya, akwai littafin da yake rubuta aikin kowace rana. Dole mai kula da shi ya sa hannu, a buga hatimin ma'aikata. Wanda ya bar wannan sai ranar ƙarshe, ya tarar maigidan ya yi tafiya, sai ya sake biyan kuɗin mota ya dawo, domin makaranta ba ta karɓar littafi babu hatimi.

Sannan ya miƙa abin da ke hannunsa: makulli, katin shaida, fayil ɗin da bai kammala ba, tare da bayanin inda ya tsaya.

Jawabin kansa gajere ya fi. "Ranka ya daɗe, na gode" kawai ba ta isa ba, a ganina. Gara ya ce wance ce ta koya masa shigar da wasiƙu a rajista, ya haɗa har da masinja. Daga nan ya nemi gafara, su ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya roƙi takardar shaida tun ana tune da shi.