Cire Rubutu Ɗaya Daga Katin Biki Ba Tare Da Taɓa Sauran Ba

An gama tsara katin ɗaurin aure, kowa ya yaba, sai iyayen amarya suka ce a cire layin da ya ambaci kamu, a kuma cire sitikar zuciya da aka manna a tsakiya. Abin da mai tsara katin zai fara nema shi ne fayil ɗin asali na Photoshop, mai ƙarewa da PSD. A cikinsa kowane abu yana zaune a leyarsa, kamar faifan gilashi da aka jera wani kan wani: bango a ƙasa, hoto a kansa, rubutu a sama. Idan ka zare ɗaya, na ƙasa yana nan lafiya.

Danna F7, jerin leyoyin zai fito a ƙarƙashin sunan Layers. Leyar rubutu tana ɗauke da alamar T. Kusa da kowace leya akwai ɗan hoton ido, kuma ni dai ba na goge komai sai na fara danna shi. Danna idon ɓoye leyar kawai yake yi, sai ka ga abin da zai ɓace. Idan layin kamu kaɗai ya tafi, zaɓi leyar ka danna Delete. Inuwar da aka yi wa rubutun ta Drop Shadow za ta bi shi, amma akwatin da aka zana daban a bayansa zai tsaya fayau, sai an cire shi shi ma.

Sitikar zuciyar ce ta fi buƙatar natsuwa. Sau da yawa a cikinta ake saka hoton ango da amarya ta hanyar Clipping Mask, wato zuciyar ce ke ba hoton siffarsa. Za ka gane haka idan ka ga leyar hoton ta ɗan shige ciki, da ƙaramar kibiya mai nuni ƙasa. Ka rufe idon zuciyar, sai hoton ya ɓace tare da ita. Ka goge ta, hoton ya rasa siffarsa. Haka nan idan wani ya riga ya haɗe sitikar da bango da Ctrl+E, sun zama abu guda, goge ɗaya goge duka ne.

Kuskure yana gyaruwa da Ctrl+Z muddin fayil ɗin na buɗe. Da zarar an adana an rufe, wannan damar ta wuce, shi ya sa nake adana gyaran da sabon suna ta Save As.

Wanda kuwa ya zo da katin da aka turo masa ta WhatsApp, JPEG ne a hannunsa, babu leya ko ɗaya. Rubutun ya riga ya maye gurbin abin da ke ƙarƙashinsa, sai dai a yi faci da launin da ke gefe, kuma a kan bango mai zane tabon yakan nuna.